Akanta a mataki na 12: digiri na biyu ko ICAN?

Nasiru: Shekarata 42, shekara 14 ina aikin akanta a ma'aikatar gwamnati, ina mataki na 12. Digiri na biyu zai ci mini kusan naira miliyan 1.5. Wani abokina ya ce asara ce. Haka ne?

Hajiya Binta: Kafin komai, Malam Nasiru, kana da takardar ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN?

Nasiru: Babu ko ɗaya, Hajiya. Na fara ICAN na ajiye.

Hajiya Binta: To abokinka bai yi ƙarya ba. A aikin gwamnati, daga inda kake zuwa mataki na 14 shekara uku-uku ake jira, sai jarrabawar ƙarin girma, sai kuma in akwai gurbi. Digiri na biyu ba ya rage maka ko wata ɗaya a cikin wannan jiran. Idan kuma kamfani kake hange, wanda zai sa hannu a rahoton kuɗi na shekara sai yana da lambar FRC, hukumar da ke sa ido kan rahotannin kuɗi, ita kuma da takardar ƙungiyar ƙwararru ake samunta, ba da ta jami'a ba. Na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata, takardar ƙungiya muke fara nema.

Auwal: Hajiya, kin manta da koyarwa. Mai digiri na biyu zai iya komawa jami'a, can kuma sai shekara 65 ake ritaya, ba 60 ba.

Hajiya Binta: Da gaskiyarka, amma wane iri? Digirin bincike, mai kundi, shi ke kai mutum ga digiri na uku. Na ƙarshen mako irin MBA sau da yawa ba ya kai wa. Kuma a ƙasan layi zai fara, tare da sa'o'in ƙannensa.

Maman Ilham: Ni dai ku bar lissafa kuɗin makaranta kawai. Na shiga da niyyar wata 18, yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, mai duba kundina kuma sai babi ɗaya ya yi wata uku a teburinsa. Shekara uku da rabi na yi. Duk ƙarshen wata ga haɗa albashi a ofis, ga gwaji a aji.

Sagir: Ka tafi Malesiya kawai, yallaɓai, ba yajin aiki.

Nasiru: Da iyali bakwai? Wa zai riƙe mini kujerar?

Auwal: Maman Ilham, amma kin yi nadama?

Maman Ilham: A'a. Da aka zo zaɓen shugaban sashe, mu biyu ne masu ANAN, ni aka ba. Ko digirin ne ya raba mu, Allah masani, ba wanda ya faɗa mini.

Hajiya Binta: Kin ga ke kina da ANAN tukuna. Nasiru, yi lissafin da ka saba. Ko da digirin zai ƙara maka dubu 10 a wata, sai ka yi wata 150 kafin kuɗinka su dawo, wato shekara 12 da rabi, alhali 18 suka rage maka. Takardu nawa suka rage maka a ICAN?

Nasiru: Matakin ƙarshe ne. Amma sau biyu ina faɗuwa, shi ya sa ma hankalina ya koma jami'a.