Idan Windows ya tsaya a kashi 99

An yi tambaya kan abin da ya kamata a yi idan sabuntawar Windows ta tsaya a kashi 99. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa lambar da ke kan allo ba abin dogaro ba ce. Windows kan daɗe a kashi ɗaya alhali yana aiki a ciki. Duba ƴar fitilar faifai: in tana ƙiftawa, ƙyale shi, ka jona caja. Tsohuwar kwamfuta mai faifan HDD nawa gare ta.

Kan tsawon jira aka rabu, amma na fi gamsuwa da masu cewa awa uku. In fitilar ta yi shiru har lokacin, danne maɓallin wuta sai kwamfutar ta mutu, sannan ka kunna. Galibi Windows kan warware sabuntawar da kansa. Amma in BIOS ake sabuntawa, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, kada ka kashe, domin kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.