Taƙaitawa: Inda Kira Zai Zauna a Rubutun Bidiyon Talla

1. A tattaunawar da aka yi kan kira, wato abin da tallar ke ce wa mai kallo ya yi, kusan kowa ya yarda cewa kira ɗaya ya isa, domin idan aka ce a saya, a bi shafi, a kuma tura wa wasu, mai kallo yakan bar duka.

2. An rabu kan wurin sa shi. Wasu sun fi son ƙarshe, wasu kuma suka ce a bidiyon daƙiƙa 30 a sa shi da zarar an nuna amfanin kayan, tunda da yawa ba sa kai ƙarshe. Ni na fi karkata nan.

3. "Saya yanzu kafin ya ƙare" na jawo zargi idan kayan ba ƙarewa za su yi ba. An fi son "Duba farashi a ƙasa", domin ya faɗi abin da mutum zai tarar.