Kilishi a Jidda: a yi a gida ko a saro?

Wata 'yar'uwa mai sayar da kilishi ta tambaya ko ta ci gaba da yi da kanta ko ta riƙa sarowa, ga abin da 'yan kasuwa suka ce mata. Lissafinta ya nuna kilo ɗaya na cin riyal 95 idan ta yi da kanta, mai sarin kuma zai ba ta a 85. Sai wani dattijo ya ce, "Hajiya, cire hayar shago, ko kin saro sai kin biya ta." Haya riyal 15 ce a kowane kilo. Abin da za ta daina kashewa in ta daina yi, wato nama, ƙuli-ƙuli, yaji da ladan ma'aikaci, 80 ne kacal. Sarin ya fi tsada da riyal 5.

Injin yanka naman da ta saya bara kuwa, kuɗinsa ya riga ya tafi, ba a sa shi a lissafi. Sai dai in akwai mai sayensa yanzu, ko mai karɓar hayar ɗakin aikin, to wannan kuɗin ya shiga lissafi.