Kalmasar Siket ɗin Ulu da Hannu ba Tare da Zare ya Fito ba

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na sayi siket na yadin ulu a gwanjo saboda sanyin da muke sha a Jos lokacin hunturu, launinsa toka-toka mai duhu, miƙaƙƙe ne, kuma yana da shafi a ciki. Tsawonsa inci 40 ne, ni kuwa 37 nake so, faɗin bakinsa kuma idan an zagaya inci 44 ne. Na warware tsohuwar kalmasar, na naɗe, na fara ɗinkin ɓoye da hannu, amma da na juya fuskar yadin sai na ga wasu ƙananan ramuka a jere, kowane wurin da allura ta taɓa ya lotsa. Zaren kansa bai fito ba, amma duk wanda ya kalla zai san inda ɗinkin ya bi. Ban yanke komai ba tukuna. Ina neman shawararku kafin in ɓata shi, domin irin wannan yadin ba kullum ake dacewa da shi ba.

Anti Mai Keke:
Wa alaikumus salam. Maman Biyu, ina ganin yadi kike ɗiba da yawa a bakin allurar. Ƙa'idar ɗinkin ɓoye ita ce ki ɗauki silin zare ɗaya tak daga jikin siket ɗin, sannan ki koma cikin kalmasar. Idan kuma kina son hutawa, ki sayi gam ɗin kalmasa ki sa a tsakani ki danna da ayan, cikin minti goma kin gama.

Autar Zaure:
Ni ma na taɓa saƙa wa 'yata siket da zaren ulu, kuma da na zo bakinsa ban kalmasa ba, ƙugiyar saƙa na sa na yi masa layi biyu na rufewa, ya zauna lafiya har yau. Ko za ki gwada haka, Maman Biyu?

Maman Biyu:
Na gode, Auta, amma nawa ba saƙar hannu ba ce, yadi ne irin wanda ake ɗinka kwat da shi.

Goggo:
Maman Biyu, kin yi dabara da ba ki yanke ba. Maganar silin zare ɗaya da aka faɗa miki gaskiya ce a wani yadin, amma abin da kika kwatanta ba daga nan ya fito ba. Da yawan ɗiba ne matsalar, ɗigon zaren za ki gani a waje. Tun da rami kike gani, to jan zare ne ya yi yawa. Hannun da ya saba da atamfa da shadda yakan ja zare har sai ya ji ya kama, shi kuwa ulu yana da laushi da kauri kamar soso, da zarar an matse shi sai ya lotsa, nauyin kalmasar kuma ya rataya a kan waɗannan 'yan wuraren ya ƙara zurfafa su.

Bari in bi da ke daga farko da awon da kika bayar. Ki sa siket ɗin da takalmin da za ki riƙa sawa da shi, wani ya auna daga ƙasa ya yi alama da alli ko fil a zagaye, domin awo daga ƙugu yakan yaudari mutum, baya ya ɗage gaba ya sauka. Sabon layin naɗin zai kasance inci 3 sama da tsohon. Ki bar inci 2 a ƙasansa domin kalmasa, ki yanke sauran, wato almakashi zai bi inci 1 sama da tsohon karin guga. Kin ga wannan tsohon karin, wanda sau da yawa ba ya goguwa a ulu, ya tafi cikin abin da aka yanke. Kada ki zubar da ƙyallen, a kansa za ki gwada allura da zafin ayan.

Kada ki ninka bakin sau biyu kamar yadda muke yi wa zane, domin zai yi tudu ya fito ta waje. Ninki ɗaya ya isa, bakin da aka yanke kuma a kai shi wibin, ko ki bi shi da hannu don kada ya zare. A wuraren haɗi na gefe, ki rage faɗin rarar ɗinkin da ke cikin inci biyun nan zuwa rabi, saboda kada kauri ya taru wuri ɗaya. Daga nan ki yi ɗinkin riƙo mai manyan taku da farin zare, layi ɗaya kusa da naɗin, layi na biyu kamar rabin inci ƙasa da bakin da aka yi wa wibin.

Yanzu ga asalin aikin. Ki shimfiɗa siket ɗin a kan tebur, cikinsa yana kallonki, ki lanƙwaso bakin kalmasar baya da babban yatsa kamar kwatan inci, ta yadda ɗinkin zai gudana a tsakanin yadi biyu, ba a kan baki ba. Zare guda, ba ninki biyu ba, tsawonsa kada ya wuce inci 18, allura siririya mai lamba 9 ko 10. Ki ɓoye ƙullin a cikin kalmasa. Ki tsinci kaɗan daga bayan yadin siket ɗin, allurar tana kwance, ba tare da ta huda ta fita waje ba, sai ki matsa gaba kamar sulusin inci ki ɗauki abin da ya fi haka a cikin kalmasar, inda ba a gani. Bayan kowane taku ki ja zaren har ya kwanta kawai, ki tsaya nan. Gwajin da nake yi shi ne in zura kan allura a ƙarƙashin zaren da ke tsakanin taku biyu: idan ya ɗago cikin sauƙi, daidai ne, idan na ji ya ƙi, na matse. A bakin inci 44 za ki yi taku kusan 130, saboda haka ki zauna inda akwai haske.

Maman Biyu:
Goggo, Allah ya saka da alheri. Na gwada abin da kika ce a kan ɗinkin da na fara, allurar ko shiga ba ta yi a ƙarƙashin zaren. Amma ina da fargaba ɗaya. Idan na bar shi sako-sako haka, ba zai warware gaba ɗaya ba ranar da dunduniyar takalmi ta kama shi?

Goggo:
Fargabarki tana kan hanya, kuma akwai maganinta. Duk bayan inci 4 ko 5, ki yi ɗan taku biyu a wuri ɗaya a cikin kalmasar kaɗai, kada ki taɓa jikin siket ɗin. Idan zaren ya tsinke, abin da zai saki bai wuce tsakanin maƙalli biyu ba. Takalmi kuma ba zai samu zaren da sauƙi ba, tun da yana ɓoye a ƙarƙashin bakin kalmasar. Wannan ne ma ya sa na fi son ɗinkin ciki a kan wanda ake yi a kan baki, wanda yake danne bakin a jikin yadin har layinsa ya zana ta waje.

Malam Tela:
Ku gafarce ni in sa baki, domin irin wannan aikin yakan zo shagona a kan kwat da wando. Duk abin da Goggo ta faɗa haka yake, sai dai ina ƙara cewa mutum zai iya yin ɗinki mai kyau guga ta tona shi. Ki goge layin naɗin kawai, ki ɗora ƙyallen auduga mai ɗan laima a kai, ki danna ki ɗaga, kada ki ja ayan ɗin, kada kuma ƙarfen ya taɓa ulu kai tsaye domin zai sa shi ƙyalli. Idan dole ne ki hau kan bakin kalmasar, ki zura takarda mai kauri tsakaninsa da jikin siket ɗin, kuma wannan ya fi sauƙi kafin a ɗinke. Ki bar shi ya huce ya bushe a shimfiɗe kafin ki ɗaga. Game da gam, Anti Mai Keke, ina amfani da shi a wasu yadudduka, amma a ulu yana sandarar da bakin siket, kuma ranar da ake son sauya tsawo ba ya fita da tsabta. Zare kuwa, ni na roba nake sawa, wato foliyesta siriri, launin ya ɗan fi yadin duhu kaɗan, saboda mai haske shi yake fitowa a ido.

Anti Mai Keke:
Na karɓi maganar gam, Malam. Amma batun sili ɗaya ban janye ba, domin haka aka koya mana, kuma ban taɓa ganin ya ba ni kunya ba.

Goggo:
Ba ki yi kuskure ba a yadi mai matsattsiyar saƙa, irin mai santsin nan na kwat, wanda siririn ne har babu kaurin da allura za ta ratsa. Amma na taɓa yi wa wani siket mai sakakkiyar saƙa haka, bayan an sa shi sau uku sai na ga silin da na kama sun zazzago sun yi 'yan madaukai a fuskar yadin, domin sili ɗaya ya kasa ɗaukar nauyin. A irin wannan gara a kama biyu ta baya. Shi ya sa na ce ta gwada a ƙyallen: ta yi taku goma da sili ɗaya, goma da biyu, ta riƙe shi a tsaye ta girgiza, ta duba a hasken taga.

Inda na saba da Malam shi ne zare. Ni na fi son na siliki idan an samu, ko na auduga mai kyau, domin yana nutsewa cikin gashin ulu, kuma idan aka fizgi kalmasar shi ne zai tsinke ya bar yadin lafiya. Foliyesta ya fi silin ulun ƙarfi, ina tsoron ya yage shi.

Malam Tela:
Goggo, na fahimci dalilinki, amma silikin ɗinki ba kowace kasuwa ake samunsa ba, kuma idan an bar zaren sako-sako kamar yadda kika koyar, ban taɓa ganin foliyesta ya yaga yadi ba. Abin da na tabbata mun haɗu a kansa shi ne guje wa farin zaren nan mai kama da na kamun kifi, wanda ake cewa ba a ganinsa. Yana ƙyalli, yana sukar ƙafa, ƙullinsa ba ya zama, zafin ayan kuma yana iya narkar da shi.

Maman Biyu:
Na warware na farkon, na ɗora ƙyalle mai laima na danna, ramukan sun tashi sun cike. Foliyesta nake da shi a gida, da shi zan gwada a ƙyallen tukuna. Saura shafin ciki, Goggo: in haɗa shi da kalmasar ne, ko in bar shi daban? Akwai kuma tsaga a baya wadda ban san yadda zan yi da kusurwarta ba.

Goggo:
Shafin ki bar shi daban, ki rage shi ya gaza siket ɗin da inci 1, ki ninka sau biyu ki taka da keke, domin shi ba a ganinsa, idan kuma kika haɗe su zai riƙa jan ulun duk lokacin da kika zauna. Tsagar kuwa sai na san irinta. Ki duba ki faɗa mini ko ɓangarorin biyu sun hau juna ne ko sun haɗa baki kawai, kuma kada ki yanke komai a wurin kafin mu yi magana.