Rim ɗin aloi a Golf 3: ramuka huɗu sun yi daidai, in saya?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Golf 3 gare ni, rim ɗinta na asali 6Jx14 ET45. Na ga aloi a Ƙofar Ruwa, an buga masa 7Jx15 ET35, 4x100, ramin tsakiya 73.1. Mai kayan ya ce zai hau. In biya?

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. In dai ramukan huɗu ne, saya kawai, duk ɗaya ne.

Bakaniken Sabon Gari: A'a ɗan'uwa, ba duk huɗu ne ɗaya ba. Fijo 406 ma huɗu ne, amma nata 4x108, wato ramukan suna kan da'ira mai faɗin milimita 108, na Golf kuwa 100, ko kusa ba zai hau Golf ba. Shi wannan ramukansa sun dace. Abin dubawa shi ne tsakiya. Bakin hob ɗin Golf 3 milimita 57.1 ne, ramin rim ɗin kuma 73.1, ka ga ya yi masa yawa. In ba ka sa zoben da zai cike giɓin ba, rim ɗin kan zauna a ɗan karkace, sai ka ji sitiyari na rawa in ka hau babban titi, ka yi ta kai wa masu balansin a banza. Nemi zobe mai 73.1 a waje, 57.1 a ciki, guda huɗu.

Sai ET, wato nisan fuskar da ke manne wa hob daga tsakiyar faɗin rim. Duk sanda lambar ta ragu, taya waje take fitowa. Daga 45 zuwa 35 ta fito milimita 10. Faɗin kuma, daga 6J zuwa 7J, ya ƙaru da inci ɗaya, rabinsa waje rabinsa ciki, kusan 13 kowane gefe. Ke nan bakin waje zai fito kusan milimita 23, na ciki ya matso shokazoba da kamar 3 kacal. Cikin ba ya ba ni tsoro. Wajen nake ji, musamman baya, in shokazobanka sun gaji kuma kana loda mutane. Kafin ka biya, a ɗaura maka gaba ɗaya da baya ɗaya da taya 195/50R15, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, mutum uku su zauna a baya, ka zura hannu ka ji ko za ta goge bodi.

Hajiya mai Korola: Ni ma 4x100 ce tawa, ina da rim huɗu a ajiye. Ko zai karɓa?

Bakaniken Sabon Gari: Hajiya, ramin na Korola 54.1 ne, ya yi ƙanƙanta, ba zai shige bakin hob ɗinsa ba.

Ɗan Kurna: Oga, ni fa tawa babu zobe, kuma ba ta rawa. Notika ai su ke daidaita shi.

Bakaniken Sabon Gari: Yakan yiwu in mai ɗaurin ya bi a hankali, taya na sama. Ba kowane mai faci ke yin haka ba. Tunda ka ambaci noti ma: ƙasan kan notin Golf na asali kumburarre ne, yawancin aloi na kasuwa kuwa mazauninsu mai tsini ne. In ba su dace ba, notin kwancewa yake yi a hanya.

Mai tambaya: Na gode Oga. Zoben roba zan nema ko na alminiyam? Mai kayan roba kawai yake da shi.