Tafsirin awa ɗaya da rabi zai ci MB nawa? Lissafina ya ƙi fita

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni aka ɗora wa ɗaukar tafsirin azumi a masallacin unguwarmu bana. Kowane zama minti 90 ne, na'urar kuma tana nuna MP3 128 kbps. Na ninka 128 sau daƙiƙa 5,400, na samu 691,200, wato kusan MB 691 a rana. Amma da na gwada jiya, fayil ɗin ya fito MB 86 kawai. Wani abu ya yanke ne? Kuma memori mai GB 8 zai ishe ni kwana 30?

Mai ɗakin ɗaukar sauti: Wa alaikumus salam Malam. Babu abin da ya yanke, kwantar da hankalinka. Ninkawarka daidai ce, mataki ɗaya ka tsallake. Dubi harafin b ɗin da ke cikin kbps, ƙarami ne, yana nufin bit. Shi kuwa B na MB babba ne, bayit ke nan. Bit takwas ke yin bayit ɗaya, don haka abin da ka samu kilobit 691,200 ne, sai ka raba shi gida takwas:

```
128 × 5400 = 691200 kb
691200 ÷ 8 = 86400 kB
86400 ÷ 1000 = 86.4 MB
```

Ka ga ya faɗa daidai kan abin da na'urarka ta ba ka. Ni yadda nake yi idan mai aiki yana tsaye a kaina, tun farko nake raba 128 ɗin da takwas, in samu kilobayit 16 a kowace daƙiƙa. Minti ɗaya 960 ke nan, saura kaɗan ya cika MB ɗaya. Shi ya sa muke cewa a 128, minti ɗaya mega ɗaya. Kwana 30 zai ba ka MB 2,592, wajen GB 2.6. Memorinka zai ɗauka har da ragowa mai yawa.

Wani ɗan'uwa: Ni ma abin nan ya daɗe yana ɗaure min kai. Wayata tana nuna gudun intanet ya kai Mbps 8, amma fayil mai MB 80 sai ya fi minti ɗaya kafin ya sauka. Na ɗauka kamfanin layi ne ke cin amanata.

Mai ɗakin ɗaukar sauti: Ba tambayar Malam ba ce, amma tushensu ɗaya. Megabit 8 a daƙiƙa megabayit ɗaya ne a daƙiƙa. MB 80 ɗinka zai ɗauki daƙiƙa 80 ko da layin bai yi tangarɗa ba ko sau ɗaya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na gane. Sai dai ga wani abu. Yanzu na kwafe fayil ɗin zuwa kwamfutar ƙanena, ta nuna 82.4 MB. Ina huɗun suka tafi?

Wata ɗalibar kwamfuta: Ba su tafi ko'ina ba, Yaya. Mudun awo ne ya bambanta. Windows tana ƙirga kilo ɗaya a matsayin 1,024, mega ɗaya kuma bayit 1,048,576, alhali lissafin kbps da dubu cif ake yinsa. Raba bayit 86,400,000 da 1,048,576 ka gani, 82.4 zai fito. Idan kana son tabbatarwa, danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga Properties. A gefen Size za ka ga ainihin adadin bayit an rubuta shi a cike, kuma zai yi kusa da miliyan 86.4. In ya ɗan haura da kaɗan, sunan malami da hoton da aka liƙa wa fayil ɗin ne, da 'yan daƙiƙun da suka ƙaru. Wannan bambancin ne ma zai sa memorinka mai GB 8 ya nuna wajen 7.4 a kwamfutar.

Wani mai tura wa'azi a waya: Malam, memori ba shi ne damuwarka ba, datar masu sauraro ce. Mega 86 kullum tsawon wata, tsofaffin unguwa ba za su sauke ba. Mayar da shi mono kawai, girman zai rabu biyu.

Mai ɗakin ɗaukar sauti: Maganar data gaskiya ce, ta mono kuwa da gyara. A MP3, lambar kbps da tsawon lokaci su kaɗai ke yanke girma. Ka sa mono ka bar shi a 128, mega 86 ɗin nan za ka sake samu. Amfanin mono shi ne yana ba ka damar sauko da lambar ba tare da murya ta lalace ba, tunda layi ɗaya ne zai ci bit ɗin duka maimakon a raba wa biyu. Tafsiri kuma murya ce daga makirufo, babu abin da sitiriyo zai ƙara mata. Sa mono a 64 kbps, zama ɗaya ya dawo MB 43.2, watan gaba ɗaya wajen GB 1.3.

Inda maganarka take daidai shi ne WAV, don shi ba a matse shi ba. Can lissafin daban ne: samfuri 44,100 a daƙiƙa, kowanne bit 16, layi biyu.

```
44100 × 16 × 2 = 1411200 bps
1411200 ÷ 8 = 176400 B/s
```

Minti ɗaya ya haura MB 10 da rabi, minti 90 kuma kusan MB 953. A nan kam mono yana raba shi biyu cif. Na kawo wannan ne don na taɓa ƙonewa. Wata shekara yaron da ke taya ni ya taɓa saitin na'ura ta koma WAV ban lura ba, ana tsakiyar karatu a kwana na takwas memori ya cika, jar fitilar ta mutu, muka rasa rabin zaman. Tun daga ranar, kafin a fara nake duba sauran lokacin da na'ura ta ce ya rage. Da memori mai GB 8 babu komai a ciki, a 128 ya kamata ka ga sama da awa 130. In ka ga awa 12 da 'yan kai, to a WAV kake.

Wani mai tura wa'azi a waya: Na karɓi gyara. Amma ni a 32 kbps nake turawa, mega 21.6 ke nan a lissafinku, kuma ba wanda ya taɓa yi min ƙorafi.

Wata ɗalibar kwamfuta: Bayanin malam zai fita a 32, amma ka saurari alaramma mai jan baƙi da abin sawa a kunne. Haruffa irin su sin da sad da shin su ne ke fara dusashewa, sai ka ji kamar ana karatu a cikin ruwa. Ni ba zan sauko ƙasa da 48 ba a MP3.

Wani mai tura wa'azi a waya: Hajiya, mutanena a lasifikar ƙaramar waya suke ji, a kasuwa. Wannan bambancin ba ya kaiwa kunnensu.

Mai ɗakin ɗaukar sauti: Wannan sai kunne ya raba ku. Malam, yanki minti biyu inda alaramma yake jan baƙi, ka fitar da shi a 32 da 48 da 64, ka kunna wa mutum biyu ko uku daga cikin masu sauraron a wayoyinsu. Abin da zan roƙe ka shi ne ka ci gaba da ɗauka a 128 ka ajiye na asali, ka riƙa matse kwafi don turawa. Wanda aka matse zuwa 32 ba ya komawa, ko ka mayar da shi 128 girma kawai zai ƙara, muryar tana nan yadda ta lalace. Kuma wajen fitarwa, idan ka ga zaɓi tsakanin CBR da VBR, ka san cewa lissafin nan a CBR yake fita daidai, don shi lambar kbps ɗinsa ba ta canzawa. VBR yana hawa yana sauka gwargwadon sautin, sai dai ka yi kiyasi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba na'urar, ta ce saura awa 134. Gobe in sha Allahu zan yanko wurin jan baƙin in gwada ukun, sai in kawo muku abin da Liman da su Baba suka ce.