Yadda muka nemi ganawa da manaja kan albashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata 3 a mataki ɗaya, kuma tun da abokiyar aikina ta ajiye aiki watanni 8 da suka wuce, ni nake haɗa rahoton wata na sashenmu ban da nawa aikin. Na aika wa manajanmu saƙo cewa ina son ganinsa kan wata muhimmiyar magana, sai ya tare ni a bakin ƙofa da mabuɗin mota a hannu, ya ce in faɗa a tsaye. Na diririce, na ce ba komai. Ku yaya kuka tsara naku?

Jami'in kula da ma'aikata: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar saƙonki ita ce bai faɗi abin da ake nema ba, kuma manaja in ya ga "muhimmiyar magana" yakan ɗauka murabus ne ko ƙorafi, shi ya sa yake son ji nan take. Ga abin da na rubuta wa nawa shugaban: "Ina neman ganawa ta minti 30 domin mu duba ayyukan da suka ƙaru a kaina da kuma matakin albashina. Talata ko Alhamis da safe, wacce ta fi maka sauƙi?" Ban sa adadi ba, domin adadi a rubuce yana ba shi damar ƙi kafin ya ji hujja. Ki kuma bincika lokacin da ake rufe kasafin kuɗin shekara a wurinku, saboda bayan an rufe, ko manajan ya gamsu sau da yawa ba shi da inda zai ciro kuɗin.

Wata ma'aikaciya: Ni kam na sa adadin a cikin saƙon, kashi 15 cikin ɗari, na kuma bayyana cewa kuɗin haya ya fi ƙarfina. An ba ni kashi 8.

Jami'in kula da ma'aikata: Hajiya, ina jin aikinki ne ya samo miki, ba hayar ba. Manaja ba zai iya kai maganar haya gaban na sama da shi ba, amma zai iya kai takarda mai shafi ɗaya da ke nuna ayyukan da aka ƙara wa mutum da ranar da ya karɓe su.

Wani direba: Ni albashina na watan jiya ne bai shiga ba, shi ma manaja zan samu?

Wata ma'aikaciya: Wannan na ofishin kuɗi ne, Malam. Amma a batun adadi ban sauka ba, domin manajana ya shigo ganawar ya riga ya tuntuɓi na sama, ba mu ɓata lokaci ba.

Mai tambaya: Na gode. Na tura saƙon ba tare da adadi ba, kwana 4 ke nan shiru. In tuna masa yanzu, ko in jira mako ya cika?